Hoton kayan sayarwa da wayar hannu: tambayoyin da aka fi yi mini da amsoshinsu

Ina sayar da atamfa da leshi da takalma da jakunkuna daga gida a Kano. Yawancin kayan a Kantin Kwari nake saro su, kuma mafi yawan masu saye ba su taɓa taka ƙofar gidanmu ba. Hoto suke gani su tura kuɗi. Shi ya sa na ɗauki hoton kaya da muhimmanci kamar yadda mai shago ke ɗaukar jera kayansa a kanta. 'Yan'uwa masu sana'a irin tawa suna yawan turo mini tambayoyi, kusan iri ɗaya ne kullum, sai na ga gara in tara su wuri guda. Da yake mata ne suka fi tambaya, da "ki" zan yi magana, amma Malam mai sayar da huluna ko agogo, maganar nan taka ce kai ma.

Wayata ba mai tsada ba ce. Sai na canza waya kafin hotona ya yi kyau?

A'a. Kusan duk wayar da ake sayarwa yanzu, ko Tecno ce ko Infinix ko ƙaramar Samsung, tana fitar da hoto mai megafiksel 12 ko fiye, wato kimanin fiksel 4000 a tsawo da 3000 a faɗi. Shagon intanet bai buƙatar ko rabin wannan. Inda ƙaramar waya ke kasawa shi ne cikin duhu: hoton ya fito da burtsatse kamar an yayyafa masa yashi, launi ya dushe. Idan kika ba ta wadataccen haske, da wuya mai saye ya bambanta hotonta da na babbar waya.

Abu ɗaya ki fara yi yau: goge idon kyamarar da gefen mayafi mai laushi kafin kowane ɗauka. Waya tana yini a hannu, hannu kuma ya taɓa man shafawa, ya taɓa girki. Duk lokacin da kika ga hoto ya yi hazo-hazo, fari yana tashi kamar hayaƙi, kafin ki zargi waya ki duba gilashin.

A ina zan sami hasken da ya dace, ba ni da fitilun masu hoto?

Hasken rana kike so, amma ba ranar kanta ba. Idan kika shimfiɗa kaya a tsakar gida da azahar, rana tana tsaka, inuwa za ta fito baƙi wuluk a ƙarƙashin kayan, duk abin da ke da sheƙi kuma ya ƙone ya zama fari fat. Abin da ake nema shi ne hasken da ya shigo inuwa: bakin ƙofar ɗaki, gefen taga, baranda, ko ƙofar zaure. Wannan hasken yana da faɗi da laushi, yana lulluɓe kaya ba ya dukansa.

Ki zagaya gidan ki nemi taga ko ƙofar da rana ba ta faɗowa ciki kai tsaye a lokacin da kike da sarari. Wadda ta kalli yamma tana da kyau da safe, wadda ta kalli gabas kuma bayan azahar. Ni tawa ƙofar falo ce da ta kalli yamma, kuma daga ƙarfe tara zuwa sha ɗaya na safe nake aiki. Bayan la'asar sakaliya hasken yakan koma ruwan ƙwai, ya ɓata launin kaya, don haka ba na ɗauka a lokacin ko da mai saye na gaggawa.

Ki ajiye teburin da za ki ɗora kayan kamar taku ɗaya daga tagar, ta yadda hasken zai zo wa kayan daga gefe, ba daga bayanki ba, don kada inuwarki ta faɗa kansu. Za ki ga gefen da bai kalli tagar ba ya yi duhu. Maganinsa farin kwali, ko farin soson nan da ke zuwa cikin kwalin firij ko talabijin. Ki jingina shi a ɗaya gefen yana fuskantar tagar, ki riƙa matso da shi kina kallon allon waya. Da idonki za ki ga inuwar tana yin sauƙi. Kada ki kashe ta gaba ɗaya, 'yar inuwa ce ke nuna cewa jaka tana da ciki, ba zane ba ce a takarda.

Idan dole rana ta shigo tagar, ki rataya farin yadi mara kauri a kanta ya tace hasken. Fari nake nufi, ba ruwan madara ba, domin duk launin da yadin ke da shi zai sauka kan kayan.

Me ya sa launin kayan yake canzawa a hoto?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi a wurina, domin a nan na taɓa yin asara. Wata baiwar Allah daga Kaduna ta zaɓi leshi don ankon bikin ƙanwarta. Leshin ruwan malmo ne, amma na ɗauki hoton da daddare a ƙarƙashin farin ƙwan lantarki, sai ya fito ruwan bula. Ban lura ba, domin idona ya riga ya san kayan. Da saƙo ya isa ta kira ni ta ce, "Hajiya, ai ba wannan na zaɓa ba." Gaskiyarta ce. Na karɓi kayana, na biya kuɗin mota zuwa da dawowa, kuma abin da ya fi yi mini ciwo shi ne na ɓata mata lokaci ana saura kwanaki kaɗan biki.

Ga abin da ke faruwa. Kowane haske yana da launinsa, wanda ake aunawa da lamba mai harafin K. Ƙwan lantarki mai ja-ja yana wajen 2700K zuwa 3000K, hasken rana wajen 5500K, farin ƙwan da ya cika shagunanmu kuma yakan kai 6500K, ya karkata zuwa shuɗi. Idon mutum yana gyara wannan da kansa ba tare da ya sani ba. Waya kuwa cinka take yi. Idan atamfa ja ta cika allon, sai ta ɗauka hasken ne ya yi ja, ta ƙara shuɗi don ta "gyara". Shi ya sa za ki ɗauki atamfa biyar a wuri ɗaya, farin bangon ya fito kala biyar. Ruwan malmo da ja mai duhu da wasu korayen su suka fi wahalar da waya.

Da farko, kada ki haɗa haske biyu. Idan da hasken taga kike aiki, ki kashe ƙwan ɗakin. Waya tana iya gyara launin haske ɗaya, amma idan gefe ɗaya ja-ja ne ɗayan shuɗi-shuɗi, babu gyaran da zai daidaita su.

Sannan ki duba abin da ke kewaye da teburin. Bango mai koren fenti, labule ja, rumfar leda mai launi, inuwar bishiyar darbejiya, duk suna watsa launinsu a kan kaya. Har hijabin da ke jikinki. Na taɓa rasa dalilin da farin takalmi ke fitowa da ruwan hoda a gabansa, ashe jan hijabina ne. Tun daga nan, ranar ɗaukar hoto baƙi ko ruwan toka nake sawa.

Idan wayarki tana da `Pro` a cikin kyamara, ki shiga ki taɓa `WB`, wato madaidaicin launin haske, ki matsar da shi har farin kwalin ya yi fari a idonki, ki bar shi a nan har ki gama. Ki kuma kashe `Beauty` da duk wani tace launi, a Samsung har da `Scene optimizer`. An yi su ne don su ƙawata fuska da abinci, suna ƙara wa launi ƙarfin da kayan ba su da shi.

Daga ƙarshe ki riƙe wayar kusa da kayan, a cikin hasken tagar nan, ki kalli wannan ki kalli wancan. Idan sun saɓa, ki gyara hoton ya koma kamar kayan, ko da hoton farko ya fi burgewa. Duk da haka allon wayar mai saye ba irin naki ba ne, don haka ni ina rubuta sunan launin a ƙarƙashin kowane hoto. Idan anko ne kuwa, sai na ƙara da ɗan bidiyo a hasken rana kafin a tura kuɗi.

Wane irin bango zan yi amfani da shi?

Farin kwalin nan da 'yan makaranta ke saya a shagon littattafai ya ishe ki don takalma, jaka, turare, agogo da hula. Ki zaɓi gefen da ba ya ƙyalli. Ki jingina tebur da bango, ki manna saman kwalin a jikin bangon da salatif, ki bar ƙasansa ya sauko kan teburin a lanƙwashe ba tare da kin karya shi ba. Wannan lanƙwasar ita ce sirrin. Idan kika ninke shi, layi zai ratsa bayan kayan ya raba hoton biyu. Idan ya sauko a hankali, ido ba zai ga inda tebur ya ƙare bango ya fara ba. Ki ajiye kayan a gaba, kamar tsawon tafin hannu biyu daga lanƙwasar, don inuwarsu ta kwanta a ƙasa maimakon ta hau bango.

Mutane da yawa suna shimfiɗa zanen gado ko darduma mai fure. Na san ana yi ne don a ƙawata, amma atamfa mai zane a kan zane mai zane, ido bai san inda zai tsaya ba. Farin yadi ma yana da matsala: duk yadda kika goge shi, hasken gefe zai tono kowace tattara. Don manyan kaya na fi son falle ɗaya na farin katako mai sulɓi, irin wanda kafintoci ke yin kabad ɗin kicin da shi. Ba ya tattarewa, kuma tsumma mai ɗanshi ya ishe shi.

A lokacin hunturu ki riƙa goge bangon da kayan kafin kowane ɗauka. Ƙurar da ido bai gani a kan baƙin takalmi, kyamara tana ganinta ƙwaya-ƙwaya. Kwalin kuma idan ya fara dauɗa ki canza shi, ya fi sauƙi a kan zaman goge tabo a hoto talatin.

Ba dole sai fari ba idan shagonki a WhatsApp ko Instagram yake. Ruwan toka mai haske yana da kyau ƙwarai, musamman ga fararen kaya. Amma manyan kasuwannin intanet suna da dokokinsu. Amazon, misali, tana so babban hoton ya kasance a kan fari tas, kayan kuma su cika kashi 85 cikin ɗari na hoton. Duk inda za ki ɗora kaya ki karanta dokarsu kafin ki fara ɗauka. Abin da nake roƙonki kawai, wanda kika zaɓa ki tsaya a kansa.

Kwalina fari ne, amma a hoto sai ya fito ruwan toka. Me ya jawo?

Kyamara tana auna haske ne da zaton cewa abin da ke gabanta matsakaici ne, ba fari ba, ba baƙi ba. Da ta ga fari ya cika allo, sai ta ɗauka haske ya yi yawa ta rage shi, farin ya koma toka, kayan ma su yi duhu. Ki taɓa kayan a allon, za ki ga 'yar alamar rana ta fito. Ki ja ta sama kaɗan-kaɗan har bangon ya haskaka. A `Pro` ana kiran wannan `EV`, kuma tsakanin +0.7 da +1 yakan isa.

Ga iyakarsa: ki sa ido a wuri mafi haske a jikin kayan. Da zarar ɗinkin farar jaka ko zanen farar shadda ya fara ɓacewa, kin wuce gona da iri, ki dawo baya. Bangon da ya ɗan yi toka ana iya haskaka shi daga baya, amma wurin da ya ƙone ya tafi ke nan.

Idan kin samu yadda kike so, ki danna kan kayan ki riƙe na daƙiƙa biyu. A iPhone za ki ga `AE/AF LOCK`, a yawancin wayoyin Android kuma alamar kwaɗo. Daga nan wayar ba za ta sake canza haske da kanta ba duk lokacin da kika sauya kaya.

Me ya sa takalmi ke fitowa da ƙaton baki, jaka kuma a karkace?

Kin matsa kusa da yawa. Babbar kyamarar waya mai faɗin gani ce, an yi ta don ta ɗauki mutane da yawa a ɗaki. Idan ta kusanci abu, ɓangaren da ya fi kusa da ita sai ya kumbura, na nesa ya tsuke. Ki ja baya kamar mita ɗaya ki danna `2x`. Nan take siffar kayan za ta dawo daidai, kuma kwalin zai fi rufe bayan hoton. Kada ki wuce `2x` idan wayar ba ta da kyamarar jawo nesa ta musamman, domin bayan nan kaifin hoton ne ke tafiya. `0.5x` kuwa ki manta da shi a wannan aikin.

Karkacewa kuma daga riƙon waya take. Idan kina tsaye kika sunkuyar da wayar kan kwalbar turare, samanta zai yi faɗi gindinta ya tsuke. Ki sauke wayar ta zo daidai tsakiyar kayan, ta tsaya cak. Ki kunna `Grid` a saitunan kyamara, layukan za su nuna miki ko kin miƙe.

Ta yaya zan sa hotunan duka su zama iri ɗaya?

Wannan shi ne ainihin aikin. Mai saye ba hoto ɗaya take gani ba, jeri take gani. Idan takalmi ɗaya ya cika allo, na kusa da shi ya yi ƙanƙani a lungu, na uku yana kallon hagu a kan tayil, na huɗu a kan gado, ko ba ta iya faɗin dalili ba za ta ji shagon bai zauna ba. Kuma ba za ta iya kwatanta kaya da kaya ba, alhali kwatantawa ce ke kai ta ga zaɓi.

Hannu ba ya iya maimaita tsayuwa ɗaya sau goma sha biyu, don haka dole waya ta zauna wuri ɗaya. Idan kina da maɗaurin waya mai ƙafa uku, madalla. Idan babu, littattafai a jere da kofi biyu da za su tokare ta sun wadatar.

Bari in ba ki misalin ranar da na kawo takalman mata ƙafa goma sha biyu. Na kafa tebur a bakin ƙofa ƙarfe tara, na kashe ƙwan falo, na goge takalman, na cusa takarda a cikin waɗanda bakinsu ya lotse. Na fara da mafi girma a cikinsu, mai dogon dunduniya, domin idan ya shiga hoton da sarari, sauran ma za su shiga. Na sa kyamara a `1:1` da `2x`, na matsar da wayar har takalmin ya bar ɗan fili daidai a hagu da dama. Sai na ɗauki fensir na yi ɗigo biyu marasa ƙarfi a kan kwalin, ɗaya inda dunduniya ke zama, ɗaya inda baki ke kallo. A ƙasa kuma na manna salatif inda ƙafafun maɗaurin suke, da inda ƙafafun teburin suke. Na kulle haske, na sa `Timer` a daƙiƙa uku don kada taɓawar yatsa ta girgiza wayar.

Daga nan aiki ya zama ɗauke wannan, ajiye wancan. Na bi duka goma sha biyun a tsayuwa ɗaya, bakinsu yana kallon hagu a ɗan karkace. Da na gama sai na koma farko na ɗauki gefensu duka, sannan bayansu, sannan ƙasan takalmin inda lamba take. Ba na gama takalmi ɗaya da duk hotunansa kafin in wuce, domin hakan na nufin motsa waya sau arba'in da takwas maimakon sau huɗu. Kafin sha ɗaya na gama. Alamomin salatif ɗin kuwa suna nan, don haka kayan da zan kawo wata mai zuwa za su zauna kusa da waɗannan kamar rana ɗaya aka ɗauke su.

Idan kayan sun bambanta sosai da girma, kamar jakar hannu da akwatin lefe, kowane rukuni ki yi masa alamarsa. Jakunkuna su yi kama da jakunkuna, turaruka su yi kama da turaruka.

Wane girman hoto zan tsaya a kai?

Abu biyu ne a nan da ake yawan cakuɗawa: siffar hoto da yawan fiksel ɗinsa.

Siffa ita ce ko hoton murabba'i ne ko dogo. Kyamarar waya takan fito a `4:3`. Don shafin shago da kundin kaya na WhatsApp Business, murabba'i, wato `1:1`, ya fi zama lafiya, domin ƙananan hotunan jeri galibi a haka ake nuna su. Idan kika ɗora dogon hoto a gurbin murabba'i, ko dai a yanke masa kai da ƙafa, ko a bar fili a gefensa. Idan kuwa Instagram ne babban shagonki, ki sani tun farkon 2025 jerin hotunan shafi ya koma doguwar siffa, yana ɗan yanke gefen murabba'i. A nan `4:5`, wato 1080 × 1350, ya fi dacewa, kuma ki bar kayan a tsakiya. Status na WhatsApp shi kuma `9:16` ne, amma ba sai kin sake ɗauka dominsa ba, murabba'in zai zauna a tsakiya.

Yawan fiksel kuma, ni 2000 × 2000 nake ajiyewa. Ya isa mai saye ta buɗe hoton da yatsu biyu ta ga saƙar yadi, kuma bai yi nauyi ba. Ƙasa da 1000 ba na sauka. Kada kuma ki ɗauki ƙaramin hoto ki ce za ki faɗaɗa shi, lambar ce kawai za ta ƙaru, kaifi ba zai dawo ba.

Nauyin fayil ma abin dubawa ne saboda datar mai saye. Hoto kai tsaye daga kyamara yakan kai 3MB zuwa 4MB. Shafi mai kaya talatin ke nan zai iya cin 120MB. Idan kika rage kowanne zuwa wajen rabin MB, shafin bai wuce 15MB ba, kuma zai buɗe ko da sabis ya yi rauni. A manhajar gyaran hoto ta Snapseed, wadda kyauta ce, saituna suna da wurin zaɓar girman hoto da ingancin `JPG`. Ki sa 2000 da 80%, sau ɗaya kawai. Leshi da atamfa mai yawan zane za su fi takalmi nauyi, wannan ba laifi ba ne.

Mai iPhone kuma, idan shafi ya ƙi karɓar hotonki, wataƙila `HEIC` ne, wato irin fayil ɗin da iPhone ke ajiye hoto a ciki. Ki bi nan don hotunan da za ki ɗauka daga yanzu su fito a `JPG`:

```
Settings > Camera > Formats > Most Compatible
```

Atamfa da leshi da shadda fa? Ai ba sa tsayuwa a tebur.

Su daga sama ake ɗaukarsu. Ki shimfiɗa farin katakon a ƙasa kusa da ƙofa, ki ɗora wayar a bakin tebur kyamararta ta leƙo waje tana kallon ƙasa, ki danne ta da littafi mai nauyi. Dole wayar ta kwanta daidai da ƙasa, in ba haka ba turmin zai fito da faɗi a gefe ɗaya. iPhone tana nuna 'yan alamomi biyu a tsakiyar allo idan `Level` na kunne a saitunan kyamara, idan suka hau kan juna kin daidaita.

Turmi a naɗe ba ya nuna komai sai ɗan yanki. Ki warware aƙalla yadi ɗaya don zanen ya maimaita kansa sau biyu, ta haka mai saye za ta san ko furen ƙanana ne ko manya, wanda shi ne abin da tela zai fara tambaya. A hoto na biyu ki ajiye tef ɗin awo a gefe. Na uku ya zama na bakin zanen, inda suna da lamba suke, domin masu sanin atamfa nan suke fara dubawa.

Leshi sai da abu a ƙarƙashinsa. Farin leshi a kan farin bango hudojinsa ɓacewa suke yi, don haka a hoton kusa ina sa yadi ruwan toka a ƙasa. Shadda kuma zanenta a cikin sheƙinta yake, idan haske ya faɗo mata daga sama sai ta zama kamar yadi mara komai. Ki riƙa juya ta a hankali a gaban ƙofar har hasken gefe ya tayar da zanen, ki yi wa wannan kusurwar alama, sauran ma a haka za ki ajiye su.

Kwalaben turare da humra suna nuna ni da wayata a jikinsu. Ya zan yi?

Gilashi madubi ne, abin da ke gabansa yake nunawa. Ki kashe filashi, ki ja baya da `2x`, ki sa baƙin tufafi. Idan har yanzu kina fitowa, ki huda baƙin kwali daidai idon kyamara ki ɓoye wayar a bayansa. Haske ya zo daga gefe ko ɗan baya, sai ruwan turaren ya haskaka launinsa ya fito. Idan gefen kwalbar ya narke cikin farin bango, ki tsayar da baƙin kwali siriri a hagu da dama, wajen hoton, za su zana mata baki. Ki riƙe kwalbar da hankici bayan kin goge ta, domin shatin yatsa ya fi komai fitowa.

Idan da daddare kawai nake da lokaci fa?

Ki sayi ƙwai biyu iri ɗaya, kamfani ɗaya, masu lamba kusa da 5500K, ɗaya a hagu ɗaya a dama, kowanne da farin yadi a gabansa amma ba ya taɓa shi. Ki kashe sauran fitilun ɗakin. Idan kika ga ratsi-ratsi masu duhu suna yawo a allon, ƙyaftawar lantarki ce. Wutarmu 50Hz ce, don haka a `Pro` ki sa saurin ɗauka a 1/50 ko 1/100. Fitila mai caji takan rage wannan matsalar, sai dai haskenta na raguwa yayin da cajin ke sauka, hoton farko da na ƙarshe su bambanta. Fitilar zoben nan ta masu bidiyo tana yi, amma ki ajiye ta a gefe, in ba haka ba za ta zana farin zobe a jikin duk abin da ke ƙyalli.

Na gyara hoto ya yi kyau, da na tura ta WhatsApp sai ya dushe. Me zan yi?

WhatsApp yana matse hoto don ya rage data. Ki taɓa `HD` kafin ki tura, ko ki tura shi a matsayin `Document` idan wani ne zai ɗora miki a shafi, ta haka zai isa yadda yake. Kada ki ɗora hoton da ya riga ya zaga ta hannu biyu ko uku, ko wanda aka ɗauka daga allon waya, kowace zagayawa tana cin wani abu daga jikinsa.

Ki ajiye na asali a jaka guda a wayar, waɗanda aka rage a wata, kuma ki ba su suna da lambar kaya:

```
takalmi-012-a.jpg
takalmi-012-b.jpg
```

Ita wannan lambar nake rubutawa a ƙarƙashin hoton da kuma jikin kwalin takalmin. Idan mai saye ta ce "Hajiya, 012 nake so, lamba 39," ba sai mun yi ta musayar "wannan ko wancan" ba, in shiga ɗaki in ɗauko mata.